Na biya lauya ta sauƙaƙa mini takardar hayar shago: abin da na samu da inda aka yi tuntuɓe

Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma duk shagon da na zauna a baya, magana ce ta baki da rasit. Sai da na nemi shago a wani sabon gini aka miƙo mini takarda shafi tara da Turanci, sashe 23, aka ce in sa hannu kafin a ba ni makulli. Haya ce ta shekara biyu, daga 1 ga Janairu 2025 zuwa 31 ga Disamba 2026, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a shekara. Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma na karanta sashe na bakwai sau uku ban iya faɗar wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo ba. Wani maƙwabcina a layi ya haɗa ni da wata lauya da ke irin wannan aiki: ta ɗauki yarjejeniya mai sarƙaƙiya ta sake rubuta ta da harshen da kowa zai gane, ba tare da ta ƙara wa kowa nauyi ko ta rage masa ba. Na biya naira dubu 40, aikin ya ɗauki kwana huɗu.

Abin da ya fara ba ni natsuwa shi ne ba da rubutu ta fara ba, da ƙirga ta fara. Ta bi takardar layi-layi ta zaro duk wani abu da aka ɗora wa wani, ta tambayi kowanne abu huɗu: wa zai yi, me zai yi, yaushe, kuma in bai yi ba me zai biyo baya. Ta samu nauyi 31, ashirin da biyu a kaina, tara a kan mai ginin. Ta ce mini, "Alhaji, in na gama za mu sake ƙirgawa tare. In suka zama 30 ko 32, na ɓata aikin, komai daɗin karanta shi." Ta kawo aikin a jadawali mai gida uku: asalin sashen yadda yake, sai sauƙaƙan Turanci, sai Hausa, kowane layi da lambar sashen da ya fito.

Ga sashen gyara, wanda ya fi ɗaure mini kai. In aka juya shi Hausa kamar yadda yake, jimla ɗaya ce tal: "Ɗan haya ya ɗaukar wa mai gini alkawarin cewa zai, a tsawon wa'adin da aka ambata kuma da kuɗin kansa, riƙe cikin wurin da aka ba shi haya, haɗe da ƙofofi, tagogi, makullai da wayoyin lantarki da ke cikinsa, cikin kyakkyawan hali, ban da tsufan da amfani na yau da kullum ke jawowa da ɓarnar gobarar da ba sakacinsa ya haddasa ba, ya kuma miƙa shi a haka idan wa'adin ya cika."

Ita kuma ta mai da shi haka: "Dole ne ka kula da cikin shagon ya zauna da kyau tun daga ranar da haya ta fara har ranar da ta ƙare. Cikin shagon ya haɗa da ƙofofi, tagogi, makullai da wayoyin lantarki da ke ciki. Dole kai ka biya kuɗin gyaran. Abu biyu ne ba su hau kanka ba: tsufan da amfani na yau da kullum ke kawowa, da ɓarnar gobarar da ba sakacinka ya jawo ta ba. Ranar da haya ta ƙare, dole ka miƙa shagon a wannan halin."

Da na dubi biyun gefe da gefe sai na ga amsar da na kasa samu: ciki kawai aka ɗora mini, rufi da bangon waje suna wani sashe, a wuyan mai gini. Na kuma lura ta bar kalmar sakaci a wurinta. Na tambaye ta ko ba zai fi sauƙi a ce gobara ba ta hau kaina ba, a tsaya nan. Ta ce hakan zai sauke mini nauyin da takardar ba ta sauke ba, don in yarona ya bar dutsen guga a kunne wuta ta tashi, ni zan gyara. Duk wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta yi wa mutane ya san wannan kalma ɗaya ba ƙaramar magana ba ce.

Ta kuma kiyaye wani abu da ban taɓa kula da shi ba a Hausarmu. In ka rubuta "mai gini zai gyara rufi", mai karatu bai sani ba ko labarin abin da ke tafe kake ba shi ko wajibi kake ɗora wa wani. Saboda haka duk inda asalin takardar ya wajabta abu, ta rubuta "dole", duk inda ya ba da zaɓi ta rubuta "yana iya", duk inda ya hana ta rubuta "kada", kuma ba ta taɓa musanya su don kwalliyar zance ba. Haka "shagon" ya zauna "shagon" daga farko har ƙarshe, bai koma "wurin" ko "ɗakin" ba, don kada a zaci har da barandar gaba. Wannan ya yi mini amfani a sashen da ya hana ba wa wani haya. Asalin ya hana abu uku: sayar da hayar ga wani, ba wani haya a ƙarƙashina, da raba zaman shagon da wani, sai da izinin mai gini a rubuce tun kafin a yi. Ta jera su ukun. Da ta dunƙule su ta ce "kada ka ba wani haya", da na bar ƙanena ya kafa kantar kayansa a ciki ina ganin ban karya komai ba.

Yanzu ga inda aka yi tuntuɓe, kuma a sashen da ya fi kowanne tsada gare ni, wato sabunta haya. Asalin ya ce ina da damar ƙarin shekara biyu idan na ba mai gini sanarwa a rubuce, aƙalla wata uku kafin wa'adi ya cika, da sharaɗin ba a bi na kuɗin haya kuma ban saɓa wani sashe ba. A gidan Turanci komai ya fito daidai. A gidan Hausa na daftarin farko kuwa an rubuta: "Kana iya sabunta haya idan ka sanar da mai gini wata uku kafin ta ƙare, matuƙar ba a bin ka haya kuma ba ka saɓa yarjejeniyar ba." Da daddare ina bin jadawalin da yatsa na ga "a rubuce" ta ɓace, "aƙalla" ma babu. A wurinmu 'yan kasuwa, sanarwa ita ce ka tare mutum bayan sallar la'asar ka ce masa kana nan bana. Da na dogara da wannan layin, da na faɗa da baki, mai gini kuma yana da ikon cewa bai karɓi sanarwar da takarda ta sani ba.

Da na kira ta ba ta yi musu ba. Ta ce laifinta ne, ta ƙirga nauyi a gidan Turanci amma ba ta sake ƙirga sharuɗɗan da ke rataye da kowane nauyi a gidan Hausa ba. Tana gyarawa sai ta gano matsala ta biyu da kanta, kalmar "wata". Ni da watan Musulunci nake lissafin zakka da yawancin bashin da ke tsakanina da abokan ciniki, takardar kuwa kwanakinta duk na kalandar Bature ne. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, uku daga ciki kwana 88 ko 89 ke nan galibi. In ka ja baya da kwana 89 daga 31 ga Disamba, a 3 ga Oktoba za ka sauka, alhali wata uku na Bature suna kai ka 30 ga Satumba. Kwana ukun nan sun isa su raba mutum da shago. Ta gyara layin ya koma "sanarwa a rubuce, aƙalla wata uku na kalandar Bature kafin ranar ƙarewa", sannan a gefe, ba a cikin sashen ba, ta rubuta mini cewa in tabbatar takardata ta isa hannunsa kafin 30 ga Satumba 2026, in kuma karɓi sa hannun wanda ya amsa. Gyaran bai ci mini ko sisi ba, amma gaskiya ba ni ya kamata in kama kuskuren ba. Wanda ba ya iya karanta gidan Turancin ba zai taɓa ganin sa ba, kuma shi ne ya fi kowa bukatar aikin.

Akwai wurin da na so ta taimake ni ta ƙi, na ji haushi a lokacin. Sashen rufi ya ce dole mai gini ya gyara cikin lokacin da ya dace bayan an sanar da shi. Na ce, "Barista, lokacin da ya dace ai ba lokaci ba ne, damina ba ta jira. Ki sa kwana goma sha huɗu." Ta ce in ta sa lamba a inda takarda ba ta sa ba, ta rubuta sabuwar yarjejeniya ce wadda mai gini bai amince da ita ba. Ta bar maganar da duhunta, ta ja mata layi ja, ta haɗa ta da wasu wurare biyu makamantanta a takarda daban mai taken abubuwan da za a tattauna kafin sa hannu. Na kai wa wakilin mai ginin. Ya yarda da kwana 21 a kan rufi, aka shigar da shi cikin asalin takardar muka sa hannu a gefen gyaran, sauran biyun ya ƙi taɓa su.

Wanda zai nemi irin wannan aiki ya san iyakarsa. Takardar da na sa wa hannu ita ce ta Turancin asali, ita kotu za ta duba, kuma akwai sashe a cikinta da ya ce ita kaɗai ce yarjejeniyar da ke tsakaninmu. Sauƙaƙan rubutun jagora ne gare ni, bai ɗaure mai gini ba tunda bai sa masa hannu ba, lauyar ma ta rubuta haka a saman shafin farko. Kada kuma a sa ran takarda za ta gajarta: shafi tara sun koma goma sha huɗu a jadawali, don jimla ɗaya takan fashe ta zama biyar.

Zan sake kai mata aiki, amma da sharaɗin mu zauna mu karanta gidan Hausa da ƙarfi tare, ni ina riƙe da asalin, muna tsayawa a kan kowane "sai dai", "matuƙar", "aƙalla" da "a rubuce". Jadawalin yana cikin durowar shago tare da rasit, ranar 30 ga Satumba kuma na rubuta ta da jan biro a jikin bangon littafin bashi, inda nake buɗewa kullum.