Sharhi kan fassarar taswirar haihuwa: taurarin gidan farko da yadda mutane ke fara ganina

Abin da na yi oda kashi biyu ne: rubutaccen bayani kan taswirar haihuwata, sai tattaunawar awa ɗaya ta bidiyo da malamar da ta rubuta shi. Na roƙe ta tun farko ta tsaya kan gidan farko kawai, domin shi ne masu wannan ilimi ke dangantawa da jiki, da fuska, da irin kallon da baƙo ke yi wa mutum a haɗuwar fari, da kuma yadda mutum ke tunkarar abin da bai saba da shi ba. Ban nemi a faɗa mini abin da zai faru gobe ba, kuma ban yarda akwai mahalukin da ya san gaibu ba. Tambayata guda ce: me ya sa kusan duk wanda muka saba da shi daga baya yake cewa da ya fara ganina ya zaci ba ni da fara'a?

Ga wanda bai taɓa ganin taswirar ba, da'ira ce da aka raba gida goma sha biyu. Gidan farko yana farawa ne daga ɗali'i, wato digirin burjin da ke ɓullowa a gabas a daidai lokacin da aka haifi mutum, a garin da aka haife shi. A manhajoji za ka gan shi da alamar ASC. Wannan digiri ba ya zama wuri ɗaya. Yana gusawa kusan digiri ɗaya duk minti huɗu, ta yadda burji sukutum ke shigewa cikin kimanin awa biyu. Shi ya sa abu na farko da malamar ta nema shi ne takardar haihuwa mai ɗauke da awa da minti, ta kuma tambaye ni ko lokacin da aka rubuta na agogo ne ko ƙiyasi. Wannan tambaya kaɗai ta sa na fara ɗaukar aikinta da muhimmanci.

Tawa taswirar ta fito kamar haka. Ɗali'ina yana digiri 14 na burjin Mizan. Tauraron Zuhal yana digiri 11 na Mizan, tauraruwar Zahra kuma tana digiri 27 na Mizan ɗin. A nan ne aka samu saɓani da bayanin da na'ura ta taɓa fitar mini kyauta. Wancan bayani ya ce Zahra kaɗai ce a gidana na farko, saboda haka ni mutum ne mai sakin fuska, mai jan mutane tun a kallon farko. Na karanta na ji daɗi, amma ba haka jama'a ke faɗa mini ba.

Malamar ta warware mini dalilin dalla-dalla. Yawancin manhajoji suna raba gidaje da tsarin Placidus, wanda a cikinsa gidan farko ke farawa cif daga digirin ɗali'i. Da yake Zuhal yana digiri uku kafin wannan layi, sai na'ura ta jefa shi gida na goma sha biyu, ta fassara shi da ɓoyayyiyar damuwa, ta cire shi daga zancen fuska gaba ɗaya. Amma akwai tsohon tsari da za ka gani da sunan Whole Sign, inda burjin da ɗali'i ya faɗa a cikinsa, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, shi ne gidan farko. A wannan lissafi Zuhal da Zahra duk suna ciki. Ta ƙara da cewa tun a ƙarni na biyu masanin taurari Baɗalamusa ya ƙirga digiri biyar da ke gabanin ɗali'i a matsayin ɓangaren wurin, kuma har yau masu bin hanyar gargajiya na aiki da wannan ƙa'ida. Ko ta wace hanya aka bi, Zuhal nawa yana bakin ƙofa.

Daga nan ta kafa hujjar da na fi amfana da ita a duk zaman: ba zaman tauraro a gidan farko kawai ake dubawa ba, tazararsa da ɗali'i ita ce ke nuna wa zai fara magana. Zuhal digiri uku ne tsakaninsa da ɗali'ina, Zahra digiri goma sha uku. Don haka, a fassararta, Zuhal ake fara gani, Zahra sai an zauna. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kamar gida ne mai mai gadi a ƙofa, mai gidan kuma yana ciki da shimfiɗarsa. Baƙo da mai gadin yake fara haɗuwa."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Zuhal a wannan ilimi tauraron nauyi ne, da jinkiri, da iyaka. Idan yana kusa da ɗali'i ana cewa yana ba mutum kamun kai a fuska, ƙarancin magana a gaban baƙi, da kamannin wanda ya girmi shekarunsa tun yana yaro. Sai dai burjin da yake ciki yana sauya launin abin. Mizan burjin ɗaukakar Zuhal ne, don haka ta ce nauyin nasa a nan ya fi fitowa a matsayin dattako da auna magana, ba ɗaure fuska na ƙiyayya ba. Ita kuwa Zahra, Mizan gidanta ne, kuma ita ce uwargijiyar ɗali'ina, wanda ke nufin ita ke riƙe da ragamar gidan ko da ba ita ake fara gani ba. Abin da take kawowa shi ne son zaman lafiya, kula da tsafta da dacewar sutura, da ƙin ɓata wa mutum rai.

Inda bayanin ya fi kama ni shi ne kan shiga sabon wuri. Ta rubuta cewa mai irin wannan haɗi idan ya fara sabon aiki ko ya shiga taron da bai san kowa ba, yakan nemi gefe ya zauna, ya karanci wa ke da faɗa a ji, ya jinkirta ba da ra'ayi har sai ya fahimci dokar wurin. Bayan ya natsu sai ya zama shi ake nema idan ana son sasanta mutum biyu. Wannan ni ne, kuma na ji nauyin abin a raina, domin na daɗe ina ɗaukar shirun nan nawa na farko a matsayin aibi. Shawarar da ta bayar ƙarama ce amma mai amfani: tunda jinkirin ba zai tafi ba, in riƙa fara gaisuwa da kaina, in tambayi sunan mutum, domin kada a fassara shiruna da girman kai. Ina yi, kuma ina ganin bambanci.

Ta ɗan taɓa sauran taurarin don in ga bambanci. Da Mirrihi ne a bakin ɗali'in, in ji ta, da an yi zancen saurin tafiya, kaifin kallo da faɗa wa abu kafin a gama tunani, har tsofaffin littattafai na ambaton tabo a fuska ko a ka. Mushtari kuwa fara'a da yalwar jiki, Wata fuska mai saurin nuna abin da ke zuci, Uɗarid yawan magana da motsin hannu. Ba ta daɗe a nan ba, ni ma ban so ta daɗe ba.

Sashen kamannin jiki ne bai gamsar da ni ba. Bayanin ya ce Zuhal na sa rama da fitowar ƙashin fuska, Zahra kuma na sa taushin fuska da daidaiton gaɓɓai. Idan aka haɗa biyun, kusan kowace fuska za ta shiga. Siriri zai ce Zuhal ne, mai jiki ya ce Zahra ce. Tsayi da siffar fuska gado ne daga iyaye, da abin da jiki ya samu yana tasowa, kuma ni kamar mahaifina nake, wanda ba lokaci ɗaya aka haife mu ba. Na faɗa mata haka, ba ta yi gardama ba. Ta ce ita ma ta fi dogara da gidan farko wajen ɗabi'ar tsayuwa da kallo da murya fiye da ƙirar jiki. Na yaba da gaskiyarta, amma da ta rubuta hakan a cikin bayanin tun farko, domin wanda ya sayi rubutun kaɗai ba zai ji wannan togaciya ba.

Akwai kuma abin da ya kamata duk mai son sayen irin wannan aiki ya riƙe. Gwajin kimiyya bai tabbatar da fassarar taurari ba. A 1985 Shawn Carlson ya wallafa gwaji a mujallar Nature inda aka ba masu fassara taswirori su haɗa su da sakamakon gwajin halayyar masu su, ba su kuwa wuce abin da dace zai bayar ba. Tun a 1948 ma masanin halayyar ɗan Adam Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa bayani iri ɗaya, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba shi maki sama da 4 cikin 5 a matsakaici. Saboda haka na gwada rubutun malamar da wata hanya mai sauƙi. Na cire sunana, na ba wasu abokai da halinsu ya saɓa da nawa su karanta. Sashen kamanni kowa ya ga kansa a ciki. Sashen shiga sabon wuri kuwa, masu surutu daga cikinsu suka ce sam ba su ba ne. Wannan bai zama hujjar cewa taurari ne sanadi ba, musamman da yake na gaya mata tambayata tun kafin ta rubuta. Abin da ya nuna shi ne ta faɗi magana mai iyaka, wadda za ta iya zama kuskure, kuma ita ce maganar da ake iya aunawa.

Wanda ba shi da tabbacin mintin haihuwarsa, ina ganin kada ya sayi fassarar gidan farko tukuna. A tawa taswirar, da an haife ni minti goma sha biyu kafin lokacin da aka rubuta, da ɗali'in ya hau kan Zuhal daidai. Da kuma an ƙara rabin awa, da Zuhal ya yi nisan kusan digiri goma a baya, Zahra ta dawo kusa, labarin ya juye. Kafin ka biya kowa, fitar da taswirarka sau uku: a lokacin da ke takarda, da minti goma sha biyar kafinsa, da minti goma sha biyar bayansa. Idan burjin ɗali'i ya sauya, ko tauraron da ya fi kusa da shi ya canza, to lokacinka bai isa a gina fassara a kansa ba. Ka kuma tambayi mai aikin wane tsarin gidaje yake bi, da yadda yake yi da tauraron da ya faɗi 'yan digiri kafin ɗali'i. Malamar nan ta amsa duka biyun kafin in tambaya, kuma tattaunawar bidiyon ta fi rubutun amfani nesa ba kusa ba.