GARGAƊI ga masu babur: ku ƙirga haƙoran sifiroket kafin ku biya kuɗi

Jama'a don Allah ku karanta wannan ku turawa 'yan acaɓa da masu ɗaukar kaya a babur. Akwai wasu masu yawo da kayan gyara tasha-tasha suna sayar da ƙaramin sifiroket na gaba, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa a jikin inji, suna cewa wai sabon samfur ne na musamman, yana ƙara wa mashin ƙarfi kuma yana rage shan mai. A jikin kwalin an buga 14T, wato haƙora 14, amma in ka buɗe ka ƙirga haƙora 11 ne. Wani ƙanena ya saya, ya kawo min babur ɗin yana cewa yaya wallahi tunda aka ɗaura sarƙar take fizga tana kuka, ko na ɗaure ta ko na sassauta duk ɗaya.

To ba ɗauri ba ne matsalar. Sarƙa ba bel ba ce, gaɓoɓi ne na ƙarfe miƙaƙƙu kuma gaɓa ba ta lanƙwasa, sai dai ta juya a kan fil. Saboda haka in ta naɗe sifiroket ba zobe take yi ba, kusurwa-kusurwa take yi, haƙori 11 kusurwa 11 kenan. Duk lokacin da haƙori ya ɗauki gaɓa sai ya ɗaga ta sama kaɗan sannan ya sauke ta, tana sama gudun sarƙar ya ƙaru, tana ƙasa ya ragu, alhali injin yana juyawa daidai abinsa. Kamar a ce ka gara tayar da aka sassaƙe ta gefe-gefe, dole ta riƙa tsalle, kuma iya ƙarancin gefunan iya girman tsallen.

Abin yana da lissafi, ba zato ba ne: `1 - cos(180/N)`, N shine yawan haƙora, 180 ɗin kuma digiri ne. Mai 14 bambancin gudun wajen kashi 2.5 cikin ɗari ne, mai 11 ya kai kashi 4, mai 9 kuwa kashi 6. Mutum zai ce ai kaɗan ne, amma ku tuna fa a kowane zagaye ɗaya sau 11 ake wannan fizgar, shi kuma sifiroket ɗin gaba yana zagaye fiye da sau dubu a minti ɗaya in kana kan titi, to wannan ne karkarwar da kake ji a ƙafa da kukan da ba ya jin man sarƙa. Ga shi faɗin mai 14 wajen milimita 57 ne, mai 11 kuma 45, don haka jan da sarƙar ke sha ya ƙaru da fiye da kwata, kowace gaɓa tana juyawa fiye da da, haƙora kaɗan ne ke raba nauyin, fil ya cinye da wuri sarƙa ta saki.

Abin da yasa suke cin kasuwa shine akwai ɗan gaskiya a maganarsu, babur ɗin zai tashi da ƙarfi kam. In sifiroket na baya haƙora 42 ne, da mai 14 injin yana juya na gaba sau 3 kafin taya ta zaga sau ɗaya, yanzu sai ya juya kusan sau 3.8. Ƙarfin tashi ya ƙaru amma a doguwar hanya injin ihu kawai yake, gudu ya ragu shan mai kuma ya ƙaru. Maganar rage shan mai ƙarya ce tsagwaronta.

Cuta ta biyu ta fi ɓuya. Mafi yawan ƙananan baburan nan namu sarƙa 428 suke amfani da ita, tazarar fil zuwa fil milimita 12.7, rabin inci kenan. Ita ma 420 tazararta ɗaya ce, shi yasa in sun saka maka sifiroket na 420 a kwalin 428 zai hau kamar lafiya lau, amma ya fi siranta kuma gurbinsa an yanka shi ne don rola ƙarama, sai sarƙar ta riƙa wasa hagu da dama rola ba ta zama ƙasan gurbi. Ka duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen kansa ba ta kwali ba, ka jera shi da tsohon naka ka ga kaurinsu, ka naɗa masa sarƙar da hannu ka ga ko kowace rola ta zauna daram.

In da gaske ƙarfin ɗaukar kaya kake nema, ka ƙara haƙora biyu ko uku a na baya, ko ka sauko daga 14 zuwa 13 ka tsaya nan. Kuma ka sa alama da alli a haƙori ɗaya ka ƙirga da yatsa a gaban mai sayarwar, in yace ba a buɗe kwali sai an biya to ka bar masa kayansa.