Tsohon maigida, tsofaffin abokan aiki ko abokin aboki: wa za a fara tunkara?

"Shekara 4 ina riƙe lissafi a wata ƙungiya nan Maraɗi, furojen ya ƙare. Ina so in riƙa yi wa mutane lissafi da tsara Excel da kaina. Ta wurin wa zan fara neman aiki?"

Ƙanena, fara da abokan aikin da suka watse kafin kai, musamman waɗanda suka koma wasu ofisoshi. Ga dalili.

Tsohon maigida shi ya fi saurin ba ka aiki, don ba sai ya gwada ka ba. Matsalarsa farashi. Ya san albashinka, kuma da shi zai auna ka. A ce kana karɓar jika 180 a wata. Zai raba wa kwanakin aiki 22, ya ga kusan jika 8 a yini, ya ce haka zai biya. Amma mai zaman kansa ba ya sayar da kwana 22. Idan ka samu 10 da aka biya a wata, ka gode Allah. Sauran suna tafiya a neman aiki da bin bashi, ga man babur da kuɗin intanet duk a wuyanka. Raba jika 180 gida 10, ya ba ka jika 18. Ƙasa da haka faɗuwa kake yi. Shi ya sa da tsohon maigida kada ka yi ciniki da yini, ka yi da aiki: "rufe lissafin wata uku, jika kaza". Alamar ya fara maida ka ma'aikaci marar albashi ita ce kiran "ɗan leƙo ka duba mana wani abu". Ido wa ka raina? Wanda kake gani kullum.

Tsohon abokin aiki kuwa ba shi zai biya ka ba, sunanka zai faɗa a ɗakin da ba ka ciki. Ya ga aikinka da idonsa, sabon wurinsa kuma ba su san albashinka ba, don haka farashinka sabo ne. Sai dai ba zai tuna da kai ba idan ka aika masa "in da wani aiki ka neme ni". Rubuta sunaye 10 zuwa 15, ka kira kowa, ku gaisa sosai, sannan ka tura saƙon WhatsApp na layi uku wanda zai iya turawa gaba ba tare da gyara ba: abin da kake yi, ga wa, cikin kwana nawa. Misali: "Ina haɗa rasitai da littafin kuɗin shiga da fita, in fitar da rahoton wata a Excel cikin kwana 5." Bayan mako biyu ka sake taɓa shi sau ɗaya, ya isa.

Inda wannan hanya take cijewa shi ne takardu. Ofis ba ya biya daga aljihu. Za su nemi takardar farashi, da faktir, galibi da lambar NIF ta ofishin haraji, kuma kuɗin na iya ɗaukar makonni kafin sa hannu ya cika. Tanadi NIF tun yanzu, kuma ka tambayi mai riƙe kuɗinsu ko za a cire haraji daga abin da za a biya ka, don ka sa shi cikin farashi. Wani abu kuma: idan abokin naka shi ke zaɓen wanda za a ba aiki, kada maganar la'ada ta shiga tsakaninku. Aikinsa za ka jefa cikin haɗari.

Abokin aboki shi ne Alhaji mai shago a babbar kasuwa ko mai sito a unguwar Zariya da aka nuna masa kai aka ce "ga yaron kirki". Yana biya hannu da hannu ko ta Nita, ba jiran sa hannu. Amma bai san iyakar aikin ba. Za a ce lissafin shago ɗaya ne, ka je ka tarar da buhun rasitai na shekara biyu, wasu da sefa, na kayan Jibiya da Kano da naira, ba wanda ya rubuta canjin ranar. Kada ka faɗi kuɗi kafin ka buɗe buhun, cinikin biri a sama ke nan. Bayan ka gani, ka karɓi rabi kafin alƙalami, ka tura masa saƙon murya mai faɗin aikin da kuɗin da ranar gamawa, ya amsa da bakinsa. Ka ja wanda ya haɗa ku gefe tun farko ka tambaye shi: "In an yi jinkirin biya, zan iya zuwa wurinka?" Idan ya fara kame-kame, ƙara kafin alƙalamin zuwa kashi biyu cikin uku.