Sabon batir da tsoho duk 12.6 a mita, bambancin sai an ɗora lodi

"Jama'a don Allah a taimaka min. Batirina 12V 100Ah ne, da safe mita na nuna 12.6 amma da na kunna firiza da famfon ruwa sai inbata ta fara ƙara ta mutu. Na maƙwabcina irinsa ne sak, shi ma 12.6, kuma yana ɗaukar kayan lafiya lau. Nasa sabo ne, nawa ya kwana biyu. Meye bambancin?"

Ɗan uwa, mitar bata yi maka ƙarya ba, sai dai ka auna ne lokacin da batirin ke zaune ba ya aikin komai. Mita kusan bata jan wuta, don haka abin da take nuna maka shi ne boltejin da sinadaran ciki suke bayarwa kawai. Amma kafin wuta ta fito kan tamina sai ta ratsa farantan dalma da ruwan asid da mahaɗan da ke tsakanin sel shida na ciki, kuma duk waɗannan suna da rezistans nasu, wato suna ɗan tare wa wutar hanya. Shi ne rezistans na ciki, kowane batir yana da shi har sabo dal. Duk amfiya ɗaya da ka ja, wani ɓangare na boltejin zai ɓata a can ciki tun bai iso waje ba.

```
V = E - (I × r)
```

E shi ne 12.6 ɗin da ka gani, I amfiyar da kake ja, r rezistans na ciki wanda ake aunawa da om, V kuma abin da inbata take samu a zahiri.

Bari mu ajiye batiran biyu gefe da gefe. Zan ɗauka na maƙwabcinka yana da r = 0.01 om, wanda daidai ne ga lafiyayyen 100Ah na asid idan yana kan lodi, naka kuma mu ce ya hau 0.04 om saboda tsufa. Misali ne, naka na gaskiya sai ka auna.

| Lodi | Sabo, 0.01 om | Tsoho, 0.04 om |
|---|---|---|
| Babu komai | 12.6V | 12.6V |
| 5A, ƙwan lantarki da fanka | 12.55V | 12.4V |
| 20A | 12.4V | 11.8V |
| 60A | 12.0V | 10.2V |

Ka ga a ƙaramin lodi kusan tagwaye ne, shi ya sa da daddare fanka da cajin waya ba sa baka matsala kana ganin batir garau yake. Rigimar tana layin ƙarshe. Yawancin inbatocin 12V suna yankewa wajen 10.5V, to sabon yana can sama hankali kwance, naka ya riga ya faɗa ƙasa da layin.

Kuma kada 60A ta yi maka kamar wani abu mai yawa. Kayan wat 600 a gida, idan inbata tana da inganci 85 cikin 100, wajen wat 700 take nema daga batir, ka raba da 12 ka samu kusan 59A. Ga wani abin haushin kuma, inbata wat take bi ba amfiya ba. Idan bolteji ya sauka sai ta ƙara jan amfiya don ta cike, ƙarin amfiyar ya sake sauke boltejin, haka abin ke ta bin kansa. Idan ka yi lissafin da kyau sabon zai tsaya a 59A da 12V, shi kuwa tsohon sai ya kai wajen 73A da 9.7V kafin ya bada wannan wat 700 ɗin, wanda inbata ta daɗe da mutuwa kafin nan. Ga kwamfuresar firiza da motar famfo suna fisgar wuta ninki uku zuwa biyar ko fiye a sakan na farko, nan ma ake yawan faɗuwa.

Boltejin da ya ɓata zafi ya koma, lissafinsa I × I × r. A 60A sabon yana ƙona wat 36 a cikinsa, tsohon wat 144. Taɓa jikinsu bayan sun yi aiki za ka ji wanda ya fi ɗumi.

Me ya kai rezistans ɗin naka sama? Babban dalili shi ne barin batir ba cikakken caji, sai salfet ya daskare a kan faranti ya rufe wurin da asid ke aiki. Sai ƙafewar ruwa, musamman batirin da aka ajiye a ɗakin kwano lokacin zafin Maris da Afrilu, sai kuma tsatsar ragar farantin da ke zuwa da shekaru. Ko lafiyayyen batir ma rezistans ɗinsa na hawa idan caji ya yi ƙasa tunda asid ya yi salam, haka sanyi ma na ɗaga shi, shi ya sa mota mai raunin batir ke yin gardama da asubahin hunturu.

To amma kafin ka yanke wa batirin hukunci ka duba waya, don na sha ganin an sayi sabon batir alhali laifin waya ne. Wayar jan ƙarfe 6mm² tana da kusan 0.003 om a kowace mita ɗaya. Idan mita biyu ne tsakanin batir da inbata, zuwa da dawowa mita huɗu kenan, 0.012 om, a 60A ta cinye 0.7V ita kaɗai, ta ma fi na cikin sabon batir. Ƙara da tamina mai farin gari ko noti da bai ɗauru ba. Yadda za ka raba gardama shi ne, lodi na kunne ka auna a kan dalmar batir kanta, sannan ka auna a bakin inbata. Idan kan batir 12 ne bakin inbata 10.8, waya ce ko mahaɗa. Idan duka biyun sun faɗi tare, batir ne.

Auna r ɗin ba wuya. Ka cika batirin, ka cire caja da sola ka barshi ya huta awa uku ko huɗu, don wanda aka cire daga caji yanzu zai nuna 13 da wani abu wanda ba na gaskiya bane. Rubuta boltejin. Sai ka haɗa ƙwan fitilar mota biyu masu wat 55, za su ja wajen 9A, in kana da mitar kilam mai auna DC, wadda ake maƙala wa waya, ka tabbatar. Bayan sakan biyar zuwa goma ka sake karantawa.

```
r = (V1 - V2) / I
```

Idan ya sauka daga 12.6 zuwa 12.5, r kusan 0.011 ne, lafiya. Idan 12.25 ka gani, kusan 0.039 kenan, ya shiga layin tsoho na teburin can. Tunda maƙwabci na kusa, roƙe shi ku gwada nasa da ƙwayayen nan da mita ɗaya, wannan ya fi kowace lamba da zan baka, domin mita mai arha na iya kuskure amma kuskuren iri ɗaya zata yi wa duka biyun.

Idan batirin na ruwa ne kuma ka ga ruwan ya yi ƙasa, zuba masa tataccen ruwan batir, ba asid ba, ka bashi cikakken caji ka sake gwaji, wani lokaci yana ɗan farfaɗowa. In bai sauya ba, ni dai bazan kashe kuɗin gyara a kansa ba, sai in barshi ga fitila da fanka inda 5A bata dame shi. Kuma kada ka jona shi da sabo, sabon ne zai ɗauki mafi yawan lodin ya tsufa da wuri. In za ka sake saye kuma kayanka sun kai wat 600, duba inbatar 24V da batir biyu sababbi, amfiyar zata koma wajen 30 kuma faɗuwar kowane batir ta ragu da rabi.