Karanta zagayayyen kashe a hoto: da ido ko da manhaja?

Mutanen Tawa na yawan tambayata wanne ya fi wajen kwafo rubutun kashe, wato hatimin ofis, da ke kan takardar haihuwa, ido ko manhajar waya.

Manhaja ta fi sauri, amma layi miƙaƙƙe ta sani, rubutu ya lanƙwasa sai ta rikice, ta haɗe na sama da na ƙasa, kai har tauraro ta kan maida shi harafi.

Da ido kuɗinka bai ciwo sai dai lokacinka. Ka juya hoton har tsakiyar kashen ta tsaya daidai, ka nemo taurari biyun da suka raba zoben, sannan ka fara daga na hagu ka bi ta sama zuwa dama, misali REPUBLIQUE DU NIGER. Na ƙasa ka duba ƙafar haruffa. In kawunansu na kallon tsakiya, daga hagu zuwa dama za ka karanta REGION DE TAHOUA, in ko suna kallon waje ka ci gaba da zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya. Rubutun tsakiya shi ne ƙarshe. Harafin da tawada ta cinye kar ka cika shi da ka, ka rubuta ba ya karantuwa.

Mai takardu da yawa da ke neman ya gane ofishin kawai, manhaja ta ishe shi. Mai fassarar da za a kai ambasad, ido zai sa.