Ƙarin kashi 5 da ka, ko a zauna a yi lissafin CAPM da beta?

«Salamu alaikum 'yan uwa. Kamfaninmu na rarraba kayan masarufi ne, yanzu maigida yana so mu kafa masana'antar tayil. Kullum da kashi 17 muke zaftare kuɗin da muke sa ran samu a gaba, don mu san darajarsu a yau. Wani ya ce in ƙara kashi 5 a kai saboda haɗari, wani kuma ya ce sai na yi CAPM da beta. Wanne zan bi?»

Wa alaikumus salam, Malam. Bi CAPM. Duka biyun na yi aiki da su, kuma ɗayan har yau ina nadamarsa.

Ƙarin kashi 5 abu guda ne kawai zan yaba masa, wato sauri, cikin minti ɗaya ka gama. Na taɓa yin haka a wani aikin sayen manyan motoci, ranar zama wani darakta da yake son aikin ya tambaye ni me ya sa 5 ba 2 ba, na rasa amsa, aka mayar da shi 2, aka sayi motocin, muka shekara huɗu muna biyan bashinsu da ribar wasu sassan. Lambar da ba ka san inda ta fito ba, ba za ka iya kare ta ba in mai ƙarfi ya matsa. Sannan wannan 17 ɗin naku ma, ka bincika yaushe aka tsayar da ita. Yawanci za ka tarar tun lokacin da bashi yake da araha ne, kuma an auna ta ne da sana'ar sukari da sabulu, kayan da ake saye ko kasuwa ta yi daɗi ko ta yi ɗaci. Kayan gini ba haka suke ba. Da aljihu ya yi zafi, gini ne farkon abin da mutum yake dakatarwa.

Wannan bambancin shi ne abin da beta take aunawa. In kasuwar hannun jari gaba ɗaya ta motsa da kashi 10, hannun jarin da betarsa take 1.4 yakan motsa da kusan kashi 14, sama ko ƙasa, mai 0.6 kuma da kusan kashi 6. CAPM, tsarin da William Sharpe ya fitar a 1964, yana cewa mai zuba jari yana neman abin da zai samu ba tare da haɗari ba, wato Rf, sannan a ƙara masa ladan haɗarin kasuwa daidai girman beta, jimillar ita ce Ke:

```
Ke = Rf + β × (Rm − Rf)
```

Bari in ba ka yadda muka yi a wani aiki mai kama da naku, na masana'antar kayan gini. Na ɗan daidaita lambobin don lissafi ya yi sauƙin bi, kai kuma sai ka ɗauko na ranar da za ka yi naka.

Rf mun ɗauke ta daga ribar takardun lamunin Gwamnatin Tarayya na shekara 10, waɗanda ofishin kula da bashin gwamnati, DMO, yake sayarwa, a lokacin tana wajen kashi 18. Na dogon zango za ka ɗauka, ba na wata uku ba, tunda masana'anta ba aikin wata uku ba ce. In maigidanku ba ya son a auna da takarda mai kuɗin ruwa, akwai sukuk na gwamnati da aka fara fitarwa a 2017, abin da yake bayarwa yana tafiya kusa da na sauran. Ladan haɗarin kasuwa, wato Rm − Rf, mun sa kashi 8. Wannan ita ce lambar da ta fi kowacce jawo gardama, shi ya sa muka rubuta ta a fili, muka kuma gwada 6 da 10 mu ga yadda sakamakon zai sauya.

Inda aikin yake shi ne beta. Masana'antar da ba a gina ba ba ta da hannun jari a kasuwa, don haka aro ake yi daga kamfanonin da wannan sana'ar ce kaɗai aikinsu. Mun samo uku. Amma betar da za ka gani a allo ba ta sana'ar ce zalla ba, akwai nauyin bashin kowane kamfani a cikinta, domin kamfanin da ya ci bashi da yawa ribar masu shi ta fi saurin hawa da sauka. Sai ka cire bashin nasu tukuna, da ƙa'idar da Robert Hamada ya kawo:

```
βu = βL / (1 + (1 − T) × D/E)
```

βL ita ce betar da ke allo, βu wadda aka cire wa bashi, T kuma harajin kamfani ne, mun sa kashi 30. D/E kuma bashi ne a kan jarin masu kamfani, kuma jarin da farashin kasuwa ake ƙirga shi, ba da abin da yake rubuce a littafi ba. Na farko betarsa 1.30, bashinsa rabin jarinsa, da aka cire ta dawo 0.96. Na biyu 1.10 da bashi rubu'in jari, ta dawo 0.94. Na uku 1.45 da bashi mai yawa, 0.80 na jari, ta dawo 0.93. Ranar da na ga wannan na ji daɗi ƙwarai. Lambobi uku da suka yi nisa da juna, da aka sauke musu bashi sai ga su kafaɗa da kafaɗa a wajen 0.94. Wannan ne ya nuna mini cewa lallai haɗarin sana'ar muke aunawa. Da sun watse, ɗaya 0.4 ɗaya 1.3, to alama ce kamfanonin da na zaɓa ba sana'a ɗaya suke yi ba, ko lambar wani a cikinsu ta lalace.

Daga nan sai ka ɗora naka bashin. Mu za mu gina ne da kashi 40 bashi, kashi 60 kuɗin masu kamfani, D/E ya zama 0.667. In ka ninka 0.94 da 1.467, wato 1 + 0.7 × 0.667, za ka samu 1.38. Sai lissafin ya zama 18 a tara da 1.38 sau 8, wato kashi 29. Wannan shi ne abin da masu jari ya kamata su nema. A nan mutane da yawa suke tsayawa su zaftare kuɗin aikin duka da 29, alhali ba duka kuɗin ne na masu jari ba. Bankin ya ba mu bashi a kan kashi 26, bayan sauƙin haraji ya koma 18.2. Sai a haɗa kowanne da nauyinsa, a samu kason zaftare aikin duka, wato WACC:

```
WACC = 0.6 × 29 + 0.4 × 18.2 = 24.7
```

Aikin zai ci naira miliyan 500, ana sa ran miliyan 150 duk shekara har shekara 7. Da kason da kamfanin ya saba amfani da shi, kashi 20, kuɗin shekaru bakwai ɗin darajarsu a yau miliyan 541 ce, riba miliyan 41, kowa yana murna. Da 24.7 kuwa sun koma miliyan 478, asarar miliyan 22. Aiki ɗaya, injina ɗaya, fili ɗaya.

Ba zan manta zaman ba. Alhaji mai kamfanin ya riga ya je ya ga injinan, zuciyarsa ta kwanta da su. Ya karɓi takardar, ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan 18 ya ce, «Wannan daga ina?» Na buɗe masa sakamakon gwanjon takardun gwamnati a waya. Ya sauko kan 1.38, na nuna masa kamfanonin uku da bashin kowanne. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, «Kenan in na ba gwamnati kuɗina na kwanta barci zan samu 18, wannan kuma da duk wahalarsa bai kai 23 ba?» Na ce ranka ya daɗe, haka ne. Bai soke aikin ba. Ya koma wa masu injin da takardar a hannu, aka yi wata biyu ana ciniki, aka kuma rage wani gini da ba a buƙatarsa a shekarar farko, kuɗin ya sauko miliyan 450. A nan lissafin ya koma ribar miliyan 28, aka fara aiki.

Kada ka ɗauka CAPM ba ta da rauni, musamman a kasuwarmu. Akwai hannun jari a kasuwar hannun jarin Najeriya, NGX, da sai ya yi kwanaki ba a yi cinikinsa sosai ba, farashinsa yana tsaye wuri ɗaya. In ka auna shi da SLOPE a Excel zai ba ka beta 0.3, ka zaci kamfanin ba shi da haɗari, alhali ba a saye da sayarwa ne kawai. Duba ginshiƙin ribar wata-wata, in ka ga sifili yana ta maimaituwa, ajiye shi. Ɗauki bayanan wata-wata na shekara 5, sannan ka gwama amsarka da teburin betar sana'o'i da Farfesa Aswath Damodaran na Jami'ar New York yake fitarwa kyauta duk watan Janairu, akwai na ƙasashe masu tasowa a ciki.

Abu na biyu ya fi muhimmanci, kuma a nan ne mai ba ka shawarar kashi 5 ya cakuɗa abu biyu. Beta haɗarin da yake tafiya tare da tattalin arziki kawai take ɗauka. Injin ya maƙale a tashar Apapa wata shida, ko tanderu ya fashe, ko gas ya yanke, waɗannan ba a saka su cikin kason zaftarewa. Cikin kuɗin shigar ake saka su. In kana ganin akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu shekarar farko ta tafi babu ko kwabo, to miliyan 150 ta wannan shekarar ka rubuta ta 112.5. In ka cusa wannan tsoron cikin kaso, ka hukunta shekara ta bakwai fiye da ta farko, alhali a ta farko matsalar take. Haka kuma in ka ɗauki Rf ta naira, hauhawar farashi da haɗarin ƙasa suna cikinta, kada ka sake ɗora wani ƙarin haɗarin Najeriya a kai. Kuɗin shigar ma ka ƙiyasta su da farashin da kake sa ran za a sayar a kowace shekara, ba farashin yau ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu rubuta rahoton yiwuwar aiki, musamman wanda dillalin injin ne ya haɗa ku, ko wanda sai an amince da aikin za a cika masa kuɗinsa. Dabararsu ita ce su ɗauko Rf ta takardun Amurka, kashi 4 ko kusa, su ɗora beta, su fito da kashi 12, sannan su zaftare kuɗin naira da shi. Wancan aikin namu da kashi 12 zai nuna ribar miliyan 185. Kafin ka karanta shafin farko, buɗe inda suka rubuta kason ka gwada shi da ribar takardun gwamnati ta yau. In nasu ya gaza ta, mayar musu da rahoton, ka kuma nemi su ba ka fayil ɗin Excel ɗin da ƙa'idojinsa a buɗe, ba hoto ko PDF ba.

Je ka samo kamfanoni uku zuwa biyar na kayan gini, ka cire bashinsu, ka ɗora naku. In ka samu betocin da D/E ɗinsu ka kawo su nan mu duba tare kafin ka kai wa maigida.