Yadda Excel ya fitar mini da sakamakon jarrabawa a PDF ba tare da ya tsinke ba

Ni ne nake haɗa sakamakon jarrabawar ƙarshen zango a makarantarmu, aji shida, kowane aji da nasa falle a cikin fayil guda na Excel, kuma kowane falle yana da layukan tsaye 14, daga A zuwa N. A karon farko da na mayar da shi PDF domin a kai wa shugaban makaranta, sai na ga sunayen ɗalibai a wani shafi, jimillar maki da matsayi kuma sun koma wani shafin can daban, har mutum ba zai san makin wane yaro yake kallo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne sauƙin gyaran. A ƙarƙashin Page Layout na mayar da Orientation zuwa Landscape, na tabbatar Size yana kan A4, sannan na sa Width a 1 page, na bar Height a Automatic. Wannan na ƙarshen shi ne jigon al'amarin, domin idan aka sa shi ma a 1 page, to duk sunayen za a cusa su a shafi ɗaya, rubutun ya ƙanƙance har ya gagari karatu. Da na saka $1:$1 a Rows to repeat at top cikin Print Titles, sai kanun darussa suka riƙa maimaituwa a saman kowane shafi. Ajin da ke da ɗalibai 57 ya fito a shafi biyu tsaf, na ji daɗi matuƙa.

Murnar ta ragu da na zo kan falle na huɗu, wanda ya fito da rubutu ƙanana kamar tururuwa, rabin takardar kuma fari fat. Na shafe kusan awa guda ina neman dalili kafin na danna Ctrl+End, ya kai ni layin AF, inda wani ya bar ɗigo guda bisa kuskure, shi kuwa Excel ya matse komai domin ɗigon ya samu wuri. Na goge shi, na zaɓi A1 zuwa N58, na danna Set Print Area, sai girman ya dawo daidai.

Abin da har yanzu bai kwanta mini ba shi ne, idan aka zaɓi Entire workbook a Options wajen Save As, dukkan azuzuwan suna haɗuwa ne a PDF ɗaya, alhali kowane malamin aji nasa kaɗai yake buƙata. Dole na buɗe kowane falle, na bar Active sheet(s), na adana shi da sunan ajinsa, har sau shida, kuma haka zan sake yi a zango mai zuwa.